Kunna Waƙoƙin Intanet a Shago da Gidan Abinci: Abin da Kuɗin Wata Ya Saya Mana da Abin da Bai Saya Ba

 

An ɗora mini nauyin yin bayani a kan kunna waƙa a wurin sana'a, musamman waƙoƙin da ake saurare kai tsaye ta intanet daga manhajoji irin su Spotify da Boomplay da Audiomack da Apple Music da YouTube. Duk wanda ya zaga Agege ko Idi-Araba a Legas, ko Sabo a Ibadan, ya san yadda abin yake. Mai aski ya haɗa wayarsa da lasifika, mai shayi ya yi haka, mai sayar da yadi da mai gidan tuwo su ma haka. Mafi yawansu sun ɗauka cewa tun da suna biyan kuɗin wata, ko tun da manhajar kyauta ce, sun fita haƙƙin kowa. Maganar da zan yi yau ita ce wannan kuɗin izinin sauraro kawai ya saya maka, kai da iyalinka. Wurin sana'a yana bukatar izini iri biyu, kuma kuɗin watan da ka biya bai ba ka ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ka amince da shi ranar da ka yi rajista

Duk wanda ya buɗe asusu a ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, an nuna masa dogon rubutu na sharuɗɗa, ya danna cewa ya amince. Kusan babu mai karantawa, amma a idon doka yarjejeniya ce kamar ta hayar shago. A cikin sharuɗɗan Spotify an rubuta cewa izinin da aka ba ka na amfanin kanka ne, ba na kasuwanci ba. Kamfanin ma ya fito fili a shafinsa na taimako ya lissafa wuraren da bai yarda a kunna ba, ciki har da shaguna da gidajen abinci da wuraren gyaran gashi da makarantu. Apple Music yana da irin wannan sharaɗi. YouTube ma ya ce kallo da sauraro na amfanin kai ne, ya kuma hana a nuna bidiyonsa ko a kunna waƙoƙinsa ga jama'a.

Akwai tambayoyin da aka saba yi a nan, bari in amsa su tun kafin a yi. Wani zai ce shi Premium yake biya, ba na kyauta ba. Premium yana cire maka talla, ya ba ka damar ajiye waƙa a waya, amma sharaɗin amfanin kai yana nan daram. Wani zai ce nasa tsarin iyali ne, na mutum shida. Wancan na mutum shida ne masu zama a gida ɗaya, kowa da asusunsa, kuma kwastoma ba ya cikin iyali. Wani kuma zai ce ya sauke waƙoƙin a cikin manhajar, ba ya ma amfani da data lokacin da yake kunnawa. Saukewa ba ta canja komai, domin waƙar da ke ajiye a manhaja aro ce, ranar da kuɗinka ya ƙare za ta rufe.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Masu gidan kallon ƙwallo sun san cewa dikodar gida daban, ta kasuwanci daban, kuma kamfanin DStv yana da tsari na musamman na otal-otal da ofisoshi da wuraren taruwar jama'a. Wasa ɗaya ne ake nunawa, amma kuɗin ba ɗaya ba ne, saboda yawan masu kallo da kuma cewa wani yana cin riba da shi. Haka waƙa take.

Dalilin da ya sa suka hana

Ba tsabar son kuɗi ne ya sa kamfanonin suka hana ba. Su kansu ba su mallaki waƙoƙin ba, izini suka karɓo, kuma izinin da suka karɓo na kai waƙa ne ga mutum ɗaya mai sauraro. Mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba. Wanda ya karɓi hayar shago ɗaya a kasuwa ba shi da ikon ya ba wani hayar layin gaba ɗaya.

Don a fahimci wannan, sai a san cewa kowace waƙa da aka ɗauka tana da haƙƙin mallaka kashi biyu. Na farko shi ne haƙƙin wanda ya tsara baitoci da karin waƙar. Na biyu shi ne haƙƙin sautin da aka naɗa, wanda yawanci na wanda ya ɗauki nauyin aikin sutudiyo ne, ko kamfanin waƙa ko mawaƙin da kansa. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba masu waɗannan haƙƙoƙi ikon cewa eh ko a'a a kan abubuwa da dama. Sashe na 9 ya yi magana a kan waƙar kanta, sashe na 12 kuma a kan sautin da aka naɗa. Kwafa abu ɗaya ne, watsawa a rediyo abu ɗaya ne, isar da waƙa ga jama'a shi ma abu ne mai zaman kansa. Kowanne da izininsa, kowanne da farashinsa.

Sai kuma batun lissafi. Lokacin da Spotify ya shigo Nijeriya a watan Fabrairu na 2021, kuɗin wata na mutum ɗaya naira 900 ne. An ƙara daga baya, amma har yanzu lissafin na kunne biyu ne. A wurinsu, idan waƙa ta yi daƙiƙa 30 tana tafiya, an ƙirga ta sau ɗaya, kuma da irin wannan ƙidaya ake raba wa masu waƙa kuɗi. To ku duba gidan abincin da ke buɗe awa 10 a rana. Idan kowace waƙa minti 5 ce, a awa ɗaya waƙa 12 ke nan, a wuni 120. Idan a kowane lokaci akwai mutum 20 a zaune, an ji waƙa sau 2,400 a wannan rana, amma na'ura ta rubuta 120 kawai. Mai waƙa ya tara wa mai abinci jama'a, an biya shi ladan mutum ɗaya. Wannan giɓi shi ne doka take son cikewa.

Izini biyu da wurin sana'a yake bukata

Izini na farko shi ne na inda waƙar ta fito. Dole hanyar da kake samun waƙar ta zama wadda aka halatta wa kasuwanci. Asusun kanka na manhaja bai cika wannan ba. Memori ko filashin da aka loda maka ɗaruruwan waƙoƙi a bakin titi ya fi muni, domin kwafin da ke cikinsa tun asali ba da izini aka yi shi ba.

Izini na biyu shi ne na kunna wa jama'a. Wannan ba ya hannun manhaja, yana hannun masu waƙar. Tun da mai shago ba zai iya bin mawaƙa dubu ɗaya bayan ɗaya ba, doka ta tanadi ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗi a madadinsu su raba musu. Sashe na 88 ya ce babu ƙungiyar da za ta yi wannan aiki sai da amincewar Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, wato NCC. A ɓangaren waƙa, ƙungiyar MCSN ta sami amincewar Hukumar a 2017. Akwai wata mai suna COSON da aka amince da ita a 2010, Hukumar ta dakatar da lasisinta a 2018. A ɓangaren finafinai kuwa akwai AVRS. Saboda irin wannan sauyi, duk ranar da za ka biya, ka fara tambayar ofishin Hukumar wace ƙungiya ce ke riƙe da amincewa a lokacin.

A lura da kyau, izini na biyu yana nan ko daga ina waƙar ta fito. Wanda ya sayi faifai na asali ya warware matsalar farko, amma idan ya kunna wa kwastomomi, ta biyu tana jiransa. Rediyo ma haka. Gidan rediyo ya biya ne don watsawa, bai biya wa shagonka ba. Wasu matasanmu sukan karanta a intanet cewa ƙaramin shago ba ya bukatar lasisi idan rediyo yake kunnawa. Wannan dokar Amurka ce. A can an yafe wa shagon da bai kai ƙafa murabba'i 2,000 ba, da gidan abincin da bai kai 3,750 ba, kuma a kan rediyo da talabijin kawai, ban da manhaja. Kada wani ya dogara da ita a gaban alƙalin Nijeriya.

Akwai kuma rikicewar da ta fi kowace yawa a cikinmu. Da yawanmu muna biyan ƙaramar hukuma kuɗin lasisin rediyo da talabijin, kuma tsarin mulki ne ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓarsa. Wannan haraji ne a kan akwatin, ko kwabo daga cikinsa ba ya zuwa wurin mawaƙi. Rasit ɗin ƙaramar hukuma ba ya zama izinin kunna waƙa, kuma jami'in ƙaramar hukuma ba shi da hurumin karɓar kuɗin haƙƙin mallaka.

Iyakar abin mai sauƙin ganewa ce. Idan kana zaune a shago ka sa abin kunne kana sauraro kai kaɗai, amfanin kai ne, babu laifi. Da zarar sautin ya fito ta lasifika ya kai kunnen masu shigowa ciniki, ka shiga ɗaya ɓangaren. Ba sai ka karɓi kuɗin shiga ba. Waƙar tana zaunar da mai jiran aski, tana jawo mai wucewa, wannan ma riba ce.

Abin da zai iya biyo baya

Matsala takan zo ta ƙofa biyu. Ta farko daga kamfanin manhaja, wanda ke da ikon dakatar da asusunka ko rufe shi idan ka saɓa sharaɗi, jerin waƙoƙin da ka daɗe kana tarawa su tafi. Wannan ƙarama ce. Ta biyu daga masu waƙa ko ƙungiyarsu, kuma ita takan fara ne da wasiƙar neman biya, idan aka yi biris sai Babbar Kotun Tarayya, domin ita ke sauraron shari'ar haƙƙin mallaka. Kotu na iya sa a biya diyya, tana kuma iya hana ka kunna waƙa. A 2018 wannan kotu ta yanke wa kamfanin MultiChoice biyan MCSN kimanin naira biliyan 5.9, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2020. Wancan shari'ar watsa shirye-shirye ce, ba ta shago ba, na kawo ta ne don a san cewa kotunanmu suna ɗaukar wannan haƙƙi da gaske.

Gaskiya ne cewa idon masu karɓa ya fi karkata ga otal-otal da manyan kantuna da wuraren biki, inda kuɗi yake. Amma akwai abin da ya kamata masu gidajen abinci da masu zauren taro su riƙe. Sashe na 36 ya ɗora laifi har a kan wanda ya bari aka yi amfani da wurin kasuwancinsa wajen gabatar da aikin wani ga jama'a ba da izini ba, sai fa idan bai sani ba kuma ba shi da dalilin zargi. Saboda haka cewa "ai wayar yarona ce" ba lallai ta fitar da maigida ba, balle idan wasiƙa ta riga ta zo masa.

Hanyoyin da suka halatta

Hanya ta farko ita ce manhajar kasuwanci tare da lasisin ƙungiya. Akwai kamfanonin da suka karɓo izinin kai waƙa wuraren sana'a. Wanda ya fi suna shi ne Soundtrack Your Brand, da aka kafa a Sweden a 2013, kuma shi Spotify da kansa yake tura 'yan kasuwa wurinsa. Irin waɗannan sukan caji kuɗi a kan kowane reshe ko kowane ɗaki mai waƙarsa daban, kuɗinsu kuma ya fi na asusun mutum ɗaya nesa ba kusa ba. Suna ba ka damar tsara abin da za a kunna safe da yamma, da tace waƙoƙin batsa, da hana yara canja waƙa yadda suka ga dama. Kafin ka biya, ka nemi amsar abu uku a rubuce: shin suna aiki a Nijeriya, da wane kuɗi ake biya, kuma shin kuɗin ya haɗa da izinin kunna wa jama'a a nan. Na ukun shi ne inda ake faɗuwa. Soundtrack ya haɗa wannan izini a cikin kuɗinsa a Amurka da Kanada, amma a mafi yawan ƙasashe mai shago ne zai je ya nema daga ƙungiyar ƙasarsa. Ka kuma bincika ko waƙoƙin da mutanenka ke so suna ciki, tun a kwanakin gwaji.

Hanya ta biyu ita ce kiɗan da kamfani ɗaya ya riƙe duk haƙƙinsa, yana ba da izinin duka biyun a takarda ɗaya. Jamendo da Epidemic Sound suna irin wannan ciniki. Amfaninta shi ne sauƙi, domin za a ba ka takardar shaida da za ka nuna wa duk wanda ya tambaya. Illarta ita ce ba za ka sami mawaƙan da kwastomominka suka sani ba, mafi yawa kiɗa ne na cike shiru. Kuma ranar da yaro ya jefa waƙar wani sanannen mawaƙi a tsakani, takardar ba ta rufe wannan ba. A nan ma a yi hattara da abin da aka rubuta wa "kyauta" a intanet. Waƙar da ke ɗauke da lasisin Creative Commons mai alamar NC an hana amfani da ita a kasuwanci.

Hanya ta uku ita ce izini kai tsaye daga mai waƙa, kuma ina ganin ta fi dacewa da yawancinmu, tun da waƙoƙin Hausa muke kunnawa, kuma mawaƙa masu tasowa suna cikinmu. Doka ta yarda a ba da izinin da ba na keɓewa ba ko da baki, amma baki ba ya zama shaida ranar rigima, don haka a rubuta. Takardar ta ƙunshi sunayen waƙoƙin, da adireshin shagon, da tsawon lokaci, da abin da za a biya ko cewa kyauta ce, da sa hannun shaidu. Ka tambaye shi tambaya biyu. Waye ya biya kuɗin sutudiyo, kuma shin ya miƙa haƙƙinsa ga wani kamfani ko ƙungiya? Idan ya miƙa, sa hannunsa shi kaɗai bai wadatar ba. Sannan ya ba ka kwafin waƙoƙin da hannunsa. Izininsa ba ya halatta maka ka kunna su daga asusunka na Spotify, domin wancan alkawari ne tsakaninka da kamfanin.

Wasu za su ce su tsofaffin waƙoƙi suke kunnawa, masu su sun rasu. Haƙƙin waƙa yana ci gaba har shekara 70 bayan shekarar rasuwar mai ita. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan haƙƙin waƙoƙinsa zai kai ƙarshen 2069. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, nasa ya fi haka nisa. Wannan haƙƙi dukiya ce da ake gada kamar gida da gona.

Misali daga farko har ƙarshe

Mu ɗauki wata Hajiya mai gidan tuwo a Agege, misali kawai. Tana da tebur 12, kujera 48, lasifika biyu a bango, talabijin ɗaya, yaronta kuma yana kunna waƙa daga asusunsa na manhaja ta bulutut. Wata rana mutum biyu suka shigo da wasiƙa suna cewa ta biya kuɗin waƙa nan take ko su kwashe lasifika.

Abu na farko, kada ta ba da kuɗi a hannu, kada kuma ta yi faɗa ko ta yaga wasiƙar. Ta karɓa, ta nemi katin shaidarsu, ta rubuta sunayensu da sunan ƙungiyar da suka ce sun fito. Ƙungiyar karɓar kuɗin waƙa ba 'yan sanda ba ce, ba ta da ikon rufe shago ko ɗaukar kaya sai da umarnin kotu. Jami'an NCC su ne doka ta ba ikon shiga wuri su yi bincike, kuma su ma suna da katin aiki. Alamomin ɗan damfara sanannu ne: gaggawa, barazana, neman tsabar kuɗi ko a tura asusun mutum, da ragi mai yawa idan an ce babu rasit.

Abu na biyu, a ranar ta sa yaron ya daina kunna waƙa daga asusunsa. Ci gaba bayan an sanar da ita shi ne ke ƙara nauyin laifi.

Abu na uku, ta kai wasiƙar ofishin ƙungiyarmu, sakatare ko lauya ya tuntuɓi ofishin NCC na Legas ya tabbatar cewa masu wasiƙar suna da amincewa. Idan babu, magana ta ƙare, sai a kai rahoto. Idan akwai, sai a rubuta musu a nemi jadawalin farashinsu a rubuce, da rukunin da suka sa ta. Irin wannan farashi yakan dogara ne da nau'in sana'a da girman wuri ko yawan kujeru, da ko waƙar ta cike shiru ce ko ta rawa da biki. Don haka ta ƙirga kujerunta, ta auna ɗakinta da kanta. Mai kujera 48 da aka rubuta a rukunin otal ko gidan rawa za ta biya abin da ba nata ba. Idan an kasa daidaitawa, doka ta ba Hukumar ikon kafa kwamitin sasanta irin wannan saɓani.

Abu na huɗu, ta zauna ta yi lissafin kasuwa. Ta tambayi kanta ko waƙar ce ke kawo mata mutane ko miyarta. Idan masu cin tuwo za su zo ko babu kiɗa, kashe lasifika ma mafita ce, kuma ba ta cin ko sisi. Idan tana son sauti kaɗan, hanya ta biyu ko ta uku ta ishe ta. Idan kuwa sanannun waƙoƙi take so, to sai ta haɗa biyun, manhajar kasuwanci ko faifan asali a gefe ɗaya, lasisin ƙungiya a ɗaya gefen. Kada ta manta da talabijin. Idan dikodar gida ce, ita ma a mayar da ita ta kasuwanci, kuma ta tambaya ko lasisin da za ta biya ya rufe waƙar da ke fitowa daga akwatin.

Abu na biyar, idan za ta biya, ta biya ta banki cikin asusun da ke ɗauke da sunan ƙungiyar. Ta karɓi rasit da takardar lasisi mai sunan shagonta da adireshi da ranar farawa da ta ƙarewa. Ta manna kwafi a bango, ta ajiye na asali a gida. Idan ta buɗe reshe a Mile 12, wannan takarda ba ta bi ta can ba, sabon wuri sabon lasisi. Daga ƙarshe ta ware waya ko na'ura ɗaya ta shago, ta hana yara da kwastomomi haɗa tasu da lasifikar, domin ta nan ne duk tsarin yake warwarewa.

Shawara ga shugabanni

Ina roƙon shugabanninmu abu biyu. Na ɗaya, a tattara sunayen membobin da ke kunna waƙa a wurin sana'a, da nau'in sana'ar kowa da girman wurinsa, sannan a nemi zama da ƙungiyar da Hukuma ta amince da ita a tattauna farashi na bai ɗaya ga ƙananan shaguna. Mai aski shi kaɗai ba shi da bakin ciniki, amma masu aski ɗari biyu suna da shi. Na biyu, a sa lauyanmu ya tsara takardar izini ta shafi ɗaya da Hausa da Turanci, wadda memba zai cike shi da mawaƙi, a ajiye kwafinta a ofis.

Wanda ya riƙe takardarsa, ɗan damfara ba ya iya tsorata shi, mai haƙƙi kuma ba ya da abin kai shi ƙara. Duk wanda wasiƙa irin wannan ta riga ta zo masa, ya kawo ta wurin sakatare bayan an tashi, kafin wa'adin da aka rubuta a ciki ya cika. Mai tambaya kuma yanzu lokacinsa ne.